Littafin aikina: koyon karatun allon Sarki Richard

2 ga Nuwamba, 2024

Yau na buɗe wannan littafi. Zango mai zuwa zan koyar da 'yan aji biyar tarihin zanen Turai, kuma ba na so abin da ya faru bara ya sake faruwa. Na ɗaga musu hoton wani tsohon zane na ce wannan Waliyyi Bitrus ne, sai wata yarinya ta ce, "Malam, ta yaya aka san shi ne, tunda ba a rubuta sunansa ba?" Ban iya ba ta amsa ba. Tun ranar tambayar take cina.

Na yanke shawarar in kama zane ɗaya tak in bi shi har ƙarshe, maimakon in yi ta tsalle tsakanin ɗari. Wanda na zaɓa shi ne Wilton Diptych, da ke National Gallery a Landan tun 1929. Alluna biyu ne na katako da aka haɗa su yadda za a ninke kamar littafi, kowanne tsawonsa santimita 53, faɗinsa 37. An yi shi tsakanin 1395 da 1399 domin Richard na Biyu, sarkin Ingila, ya riƙa buɗewa yana addu'a a gabansa. Ba a san sunan wanda ya zana ba.

A allon hagu sarki na durƙushe, mutum uku na tsaye a bayansa. A na dama akwai Maryamu riƙe da jariri, mala'iku sun kewaye ta, ita da su duk cikin shuɗi. Babu rubutu ko ɗaya da ke faɗin wane ne wane. Wa'adin da na ba kaina shi ne farkon Janairu.

Ni Musulmi ne, kuma abin da nake nema shi ne in gane abin da masu zanen suke nufi a bisa aƙidarsu. Duk inda na rubuta ma'anar wata alama, tasu ce nake faɗi.

5 ga Nuwamba

Na sayi data ta naira 5,000. Shafin gidan tarihin yana barin mutum ya zuƙo hoton sosai. Na kai an buga mini allunan biyu a babbar takarda mai kala, naira 7,000.

7 ga Nuwamba

Kuɗin bugawa ya tafi a banza, ko kusan haka. Zinariyar da ke bayan mutanen ta fito launi ɗaya shafe, kamar an kwaɓa garin ɗorawa. Na zauna ina neman da'irar hasken da ke kewaye kawunan waliyyai, na rasa. Har na fara rubuta cewa mutanen ukun ba su da ita, sai na koma waya na zuƙo, na gan ta. Ashe ba da fenti aka yi ta ba. Bangon zinariya ne, da'irar ma zinariya ce, abin da ya raba su kawai shi ne layin da aka tsaga da ɗige-ɗigen da aka daddanna a jikin zinariyar. Injin bugawa ba ya ganin wannan.

Daga yau takardar ta zama ta rubutu da ja layi. Dubawa kuwa sai a waya.

12 ga Nuwamba

Na jera abin da na tabbatar game da da'irar haske. Zagayayyiya ita ce ta waliyyai da Maryamu. Wadda aka ratsa gicciye a cikinta ta Yesu ce, ba a ba waliyyi irinta. Akwai kuma mai kusurwa huɗu, wadda a Rum ta ƙarni na 9 ake sa wa babban mutum da yake raye lokacin da aka yi hoton, kamar Fafaroma Paschal na Ɗaya a cocin Santa Prassede.

A allona Richard ba shi da ko ɗaya. Yana da kambi, yana da rigar zinariya, amma kansa babu da'ira. Biyu daga cikin mutanen da ke bayansa su ma suna da kambi, sai dai su an ƙara musu da'irar. Wannan ne karatuna na farko da na yi da kaina: sarakuna uku ne a allon, biyu sun rasu an ɗauke su waliyyai, ɗaya yana raye yana roƙo.

20 ga Nuwamba

Wannan mako na yi kuskuren da ya cinye mini kwana huɗu, kuma ina so in rubuta shi dalla-dalla.

Na yi wa kaina jadawali a bayan littafin nan: makullai, Bitrus, takobi da littafi, Bulus, kibiya, Sebastian, ɗan rago, Agnes. Na ɗauka da zarar na haddace shi aiki ya ƙare. Mutumin da ke can ƙarshen hagu yana riƙe da kibiya, don haka na rubuta Sebastian a ƙarƙashinsa da jan biro. Na kuma gina bayani a kai. Sebastian shi ne wanda Kiristocin Turai ke kamun ƙafa da shi lokacin annoba, annoba kuwa ta addabi Ingila a ƙarni na 14, to ga dalili. Bayanin ya zauna mini daidai har ban ga buƙatar in sake dubawa ba.

Abin da ya warware shi kambi ne. Ina kwafar kan mutumin da fensir sai na tsaya. Sebastian soja ne na Rum a zamanin sarkin Rum Diocletian, bai taɓa yin sarauta ba. Galibi ana zana shi ɗaure, kusan tsirara, kibau sun huhhuda shi. Wani lokaci ana zana shi da tufafi riƙe da kibiya, a nan ne tarkon yake, amma ba a sa masa kambin sarki. Wannan kuwa ga kambi, ga alkyabba mai farar fatar nan mai ɗigon baƙi ta sarakunan Turai. Sarki mai kibiya, a allon da aka yi wa sarkin Ingila, Edmund ne, sarkin East Anglia, wanda mayaƙan Viking suka kashe a 869. Labarinsa ya ce sun ɗaure shi a bishiya suka yi ta harbinsa da kibau, sannan suka sare kansa. Kabarinsa a Bury St Edmunds ya zama babban wurin ziyara.

Kibiya ba ta mutum ɗaya ba ce. Ursula ma tana riƙe ta, amma ita mace ce. Haka ɗan rago: idan budurwa ce ke ɗauke da shi Agnes ce, idan namiji ne mai buzu-buzun gashi wani ne daban. Jadawalina bai yi ƙarya ba, sai dai shaida ɗaya yake kawowa, ni kuma na yanke hukunci da ita.

Na sauya tsari. Ba zan sake rubuta sunan kowa ba sai abu uku sun yarda da juna: abin da ke hannunsa, kamanninsa da suturarsa, da kuma wurin da aka yi allon da wanda aka yi wa. Na sake ja wa jadawalin layi uku.

Na tarar yau 20 ga Nuwamba ita ce ranar tunawa da Edmund a kalandar coci. Ban shirya hakan ba.

23 ga Nuwamba

Jarrabawar gwaji ta riƙe ni. Ban taɓa aikin ba.

27 ga Nuwamba

Na je wurin abokiyar aikina mai koyar da addinin Kirista, wadda ta girme ni da kusan shekara ashirin. Na nuna mata mutumin da ke kusa da sarki, wanda ya dafa shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana rungume da ɗan rago. Ba shi da kambi, ba shi da takalmi, fatar dabba ce a jikinsa. Kallo ɗaya ta yi ta ce, "Malam, ai wannan Yohanna Mai Baftisma ne, wanda ku kuke ce wa Annabi Yahaya." Ta buɗe mini farkon Linjilar Markus inda aka ce tufarsa ta gashin raƙumi ce, sannan Linjilar Yohanna 1:29 inda ya kira Yesu Ɗan Rago na Allah. Shaidu uku sun cika: rago, sutura, kuma an san Richard ya riƙe shi a matsayin waliyyinsa na musamman. Richard ya gaji sarauta a Yunin 1377, dab da ranar bikin haihuwar Yohanna, 24 ga Yuni.

Na tsakiya, dattijo mai kambi, zobe ne a hannunsa. Wannan Edward ne da ake wa laƙabi da Confessor, sarkin Ingila da ya rasu a 1066, wanda kabarinsa ke Westminster Abbey. Labarin zoben shi ne wani almajiri ya roƙe shi sadaka, ba shi da kuɗi a jikinsa, sai ya zare zobensa ya ba shi. Bayan shekaru wasu masu ziyara 'yan Ingila suka gamu da wani tsoho a Ƙasa Mai Tsarki, ya ba su zoben ya ce su mayar wa sarki, su gaya masa Yohanna ne ya roƙe shi.

Ina jin haka na ce, to shi ya sa aka tsayar da su kusa da juna. Ta girgiza kai. "A'a, Malam, ka bi a hankali. Yohanna biyu ne. Na labarin zobe manzo ne, marubucin Linjila. Wannan na allonka mai baftisma ne." Da ba ta tare ni ba da na koyar da yara kuskure. Yohanna manzo ana zana shi saurayi mara gemu a mafi yawan zanen Yammacin Turai, riƙe da littafi ko ƙoƙon sha, wani lokaci da gaggafa a gefensa. Ba ya cikin wannan allo ko kaɗan.

Ta kuma ce mini a Littafi Mai Tsarki na Hausa kalmar "tsarkaka" aka fi amfani da ita. Zan faɗa wa yara duka biyun, amma a littafin nan zan ci gaba da "waliyyai".

1 ga Disamba

Na yanke shawarar in gwada yin da'irar da hannuna, don har yanzu ban gane dalilin da mutum zai yi zane da zinariya a kan zinariya ba. Kayan da na haɗa: guntun katako daga wurin kafinta, naira 1,500, alli kwali biyu, 1,200, gam, 1,000, sanfefa, 600, jar ƙasa daga wurin masu tukwane, kyauta. Takardar alewa mai ruwan zinariya yarana suka tara mini.

Yadda masu zanen suke yi: a shafe katako da farin kwaɓi na alli da gam ɗin fatar dabba, shafi bisa shafi, a goge ya yi sumul. A Italiya jibsin suke sawa, a arewacin Turai alli, kuma na Wilton alli ne a kan katakon ok da aka kawo daga yankin Baltic. Inda zinariya za ta zauna sai a shafa jan yumɓu, a jiƙa, a ɗora fallen zinariyar da aka buge ya fi fatar albasa sirantaka, a goge da dutse mai santsi ko haƙorin dabba har ya yi ƙyalli. Launuka kuwa da gwaiduwar ƙwai ake kwaɓa su.

4 ga Disamba

Ya fashe. Na yi shafi uku masu kauri jiya da rana a tsakar gida, hunturu na kaɗawa. Da safe na tarar fuskar ta tsattsage kamar bakin tafki a watan Maris, gefe ɗaya ma ya ɓare ya tashi. Dalili biyu na gano. Kaurin ya yi yawa, sama ta bushe ƙasa na ɗanye. Gam ɗin ma ya yi ƙarfi, yana bushewa yana jan allin. Na kankare duka da wuƙa.

9 ga Disamba

Na sake, a cikin ɗaki, taga rufe. Na tsinka gam ɗin da ruwa, na yi shafi bakwai sirara, kowanne sai ya sha iska kafin na gaba, ina sauya inda buroshi ke fuskanta. Bai fashe ba. Na goge da sanfefa, na shafa jar ƙasar da na tace da ƙyalle.

Takardar alewa ba ta kama da ruwa kaɗai kamar zinariya ta gaske, ta yi kauri, dole na sa gam a ƙarƙashinta. Na murje ta da bayan cokali. Na kafa kamfas na tsaga da'ira biyu, ɗaya cikin ɗaya. Na dasashe bakin ƙusa a kan dutse, na riƙa ɗora ta ina ƙwanƙwasawa a hankali da katako, ɗigo bayan ɗigo, tsakanin layukan biyu. Wuri biyu na huda saboda na buga da ƙarfi.

10 ga Disamba

Daren jiya aka ɗauke wuta, na kunna kyandir na ajiye allon a kan tebur. Da rana abin bai burge ni ba. A gaban kyandir kuwa, shafaffen wurin ya yi duhu kamar ruwan rijiya, ɗige-ɗigen suka kama wuta, kowane rami da ɗan haskensa. Da harshen kyandir ya motsa sai da'irar ta motsa. Na matsar da kaina gefe, sai abin ya juye, bangon ya haska da'irar ta yi duhu. Ƙaramar 'yata ta miƙa yatsa za ta taɓa ta ce, "Baba, yana numfashi."

Yanzu na gane. An yi allunan nan ne domin hasken kyandir da na ƙaramar taga, kuma da'irar haske ce ta gaske da ake tarawa a kan mutum. Hoton waya yana nuna mini siffarta, amma wannan motsin ba ya nunawa. Duk abin da na kashe a gwajin naira 4,300 ne, kuma shi ne kuɗin da ya fi yi mini amfani zuwa yanzu.

Da wannan idon na koma kan jaririn. A cikin da'irar kansa an tsaga kambin ƙaya da ƙusoshi uku, da ɗigo kawai, babu fenti. Maryamu kuma tana riƙe da ƙafarsa tana nuna tafinta. A aƙidar masu zanen nan ne ƙusa za ta shiga. Wato sun sa ƙarshen labarin a cikin farkonsa, a wurin da sai wanda ya durƙusa kusa zai gani. Na yi sama da wata ina kallon allon ban lura ba.

14 ga Disamba

An yi hutu. Na gama cike sakamakon yara.

18 ga Disamba

Launi. A nan ma jadawali ya so ya ruɗe ni. Na taɓa rubuta: shuɗi sama, ja jini, fari tsarki, rawaya cin amana. Rawayar ce ta fara ba ni matsala. Gaskiya ne ana sa wa Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, rawaya, kamar yadda mai zane Giotto ya yi a bangon cocin Scrovegni a Padua wajen 1305. Amma Bitrus ma a zanen Italiya mayafinsa rawaya ne a kan shuɗiyar riga. Da launi kaɗai za ka kira shugaban manzanni maci amana. Makullai da gajeren farin gemu ne ke raba su.

Shuɗin allon dama kuwa, kafin a kai ga ma'anarsa sai an san kuɗinsa. Daga dutsen lazward ake samunsa, wanda ake haƙowa a tsaunukan Badakhshan a Afganistan, ya ratsa hannun 'yan kasuwa har Venice. A niƙa shi, a cuɗa da kakin zuma da ƙaro, a yi ta matsawa cikin ruwan toka har shuɗin ya fita ya bar dattin. Shi ne launi mafi tsada a lokacin, har ana gwada farashinsa da na zinariya. Saboda haka aka saba keɓe shi ga mayafin Maryamu. A nan kuwa an tufatar da Maryamu da mala'iku goma sha ɗaya da shi, daga wuya har ƙasa. Wanda ya gani a 1390 da wani abu zai fahimci sama ce ake nufi, zai kuma fahimci sarki ne ya biya.

Ƙasan allunan ma na magana. Waliyyai da sarki suna kan busasshiyar ƙasa, da duhun daji a bayansu. Maryamu na kan ciyawa mai furanni. Duniya ke nan a hagu, Aljanna a dama, kuma idan aka rufe allon sai su haɗu fuska da fuska.

Akwai gargaɗi ɗaya da zan riƙe. Launin da muke gani yau ba lallai shi aka shafa ba. Wani shuɗi mai araha, na dutsen azurayit, yakan yi duhu idan ya daɗe, har mayafin Maryamu a alluna da yawa ya koma kusan baƙi. Wanda bai sani ba zai ce makoki ake nufi.

22 ga Disamba

Na kwafi rigar sarki. An shimfiɗa zinariya, an rufe ta da jan fenti, sannan aka kankare fentin da tsinke har adon ya fito da zinariya. Na gwada a gefen allona, ya yi, ko da yake layukana sun yi kauri.

27 ga Disamba

Yau na shiga abin da babu shi a jadawalin waliyyai ko ɗaya. Kowane mala'ika yana da bajo a ƙirji, farar barewa mai ƙaho reshe-reshe. Irinta ce a ƙirjin Richard, ita ce a adon rigarsa, ita ce kuma a bayan allon, kwance a ciyawa da kambi a wuya da sarƙa. Na ɓata yini guda ina neman ma'anarta ta addini kafin na gane tambarin Richard ne na kansa, wanda yake raba wa mutanensa. Duk wanda ya taɓa ganin dogarai cikin ja da kore ya san abin da ake nufi: sutura ce ke faɗin na wane ne kai. Mai zanen ya sa mala'iku sun yi shigar fadawan sarkin Ingila.

A wuyansu kuma, da wuyan sarki, akwai sarƙa mai siffar kwanson 'ya'yan wani ɗan itace mai furen rawaya. Wannan tambarin Charles na Shida ne, sarkin Faransa. Matar Richard ta farko, Anne ta Bohemia, ta rasu a 1394, sai ya auri 'yar Charles, Isabella, a 1396, tana ƙaramar yarinya. Sarƙar na cikin abubuwan da masana suka dogara da su wajen sa wa allon shekara. Haka ma tambarin da ke bayan ɗaya allon, inda aka haɗa na gidan sarauta da wanda ake danganta wa Edward, abin da Richard ya fara yi wajen 1395. A lokacin ya kusa shekara 30, amma an zana shi saurayi mara gemu.

A ganina a nan ne allon ya fi nauyi, kuma a nan ne na fi jin tausayin mai shi. Mutum ne da ya hau gadon sarauta yana ɗan shekara 10, ya yi ta fama da manyan ƙasarsa, ya sa aka zana masa sama duka tana goyon bayansa. A 1399 aka tuɓe shi, a 1400 ya rasu a tsare a Pontefract.

30 ga Disamba

Tuta. Wani mala'ika na riƙe da farar tuta mai jan gicciye. Karatu biyu take ɗauka: tutar George ce, waliyyin Ingila, kuma irinta ake ba Yesu a zanen tashinsa daga kabari. Na so in zaɓi ɗaya, sai na ga babu abin da ya tilasta mini.

A saman sandar akwai ɗan ƙwallo da faɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba. Lokacin da aka tsabtace allon a 1992 aka gano an zana tsibiri kore a cikinsa, da farar fada, da jirgin ruwa a kan teku. Tekun da azurfa aka yi, ta dafe ta yi duhu, shi ya sa aka daɗe ba a gani ba. Masana da yawa sun karanta shi a matsayin Ingila, wadda a lokacin ake kira sadakin Maryamu. Idan haka ne, hannuwan Richard da ke buɗe da jaririn da ya miƙo jiki wajensa suna nuna miƙa ƙasa da karɓo ta. Na zuƙo har hoton ya fara dishi-dishi, na ga fadar, jirgin kuwa da ƙyar.

3 ga Janairu, 2025

Na ƙirga mala'ikun sau uku, goma sha ɗaya ne. Wasu sun ce shekarun Richard ne, domin yana cikin shekararsa ta 11 aka naɗa shi a Yulin 1377. Wasu sun kai shi ga mafarkin Annabi Yusuf na taurari goma sha ɗaya, wanda ke cikin Littafin Farawa sura 37, mu ma muna karanta shi a farkon Suratu Yusuf. Zuciyata ta karkata ga na biyun saboda na san shi tun ina makarantar allo, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba zan amince da karkatar ba. Babu shaida ta biyu a cikin allon da ta tsaya wa ko ɗaya. A darasi zan raba allon aji gida biyu, abin da aka tabbatar a dama, abin da ake hasashe a hagu. Goma sha ɗaya hagu za ta tafi. Kibiya, zobe da rago dama.

6 ga Janairu

Yau ranar haihuwar Richard ce, 6 ga Janairu 1367, a Bordeaux. A kalandar coci ita ce ranar da ake tuna zuwan masanan gabas wurin jariri, waɗanda zanen Turai ke nunawa a matsayin sarakuna uku, ɗaya durƙushe a gaba. Na sake kallon allon hagu: kambi uku, ɗaya a durƙushe yana fuskantar uwa da ɗa. Malama mai koyar da addinin Kirista ta ƙara mini cewa a wannan rana ce kuma aka saba tuna baftismar da Yohanna ya yi wa Yesu, to ga Yohanna nan tsaye na huɗu. Wannan ma zan sa shi a hagu, amma kusa da layi, domin kwanan watan ya ba shi ƙafar tsayawa.

Jimillar abin da na kashe naira 21,300 ne, har da datar da na ƙara ta 5,000 a Disamba.

Mako mai zuwa za a koma makaranta. Darasin farko zan rufe tagogin aji, in kunna kyandir, in zagaya da allona layi-layi kafin in nuna musu hoton komai. Na biyu zan raba musu hoton allon hagu ba suna, da takardar layi uku, su nemo mutanen da kansu. Na roƙi Malama ta shigo ranar da za mu yi Yohanna biyu, ta amsa.

Bayan nan ina so in gwada tsarin a kan allon da ban taɓa karanta bayaninsa ba, na Italiya, inda waliyyai ke jere da yawa. Na zaɓi Maestà ta mai zane Duccio, wadda aka kai babban cocin Siena a 1311. Zan fara da mutum huɗun da ke durƙushe a sahun gaba, in rufe ƙasan hoton da takarda don kada idona ya kai ga rubutu. Ina kuma buƙatar wani guntun katakon, da ƙusa mai baki zagayayye da maƙeri ya ce zai yi mini ranar Alhamis.